Ƙananan saƙonni na wucewa, manya na ɓata: matsalar MTU a cikin tanel

Idan layin intanet ya yanke gaba ɗaya, abin da sauƙi, kowa ya san an samu matsala, kuma an san wanda za a kira. Wanda ke sa mutum ciwon kai shi ne layin da ke aiki rabi da rabi. An haɗa reshen wani kamfani da babban ofishinsa ta hanyar VPN, alama ta nuna an haɗu, an gwada ping ya amsa, shafin shigar da suna da lambar sirri ya buɗe. Da an nemi rahoto mai tsawo ko an so sauke fayil, sai komai ya tsaya cak. Babu saƙon kuskure, babu yankewa, sai dai da'irar nan da ke ta juyawa a kan allo. Imel mai layi biyu ya tafi, mai ɗauke da hoto ya maƙale. Wani zai ce sabar ce ta yi nauyi, wani ya ce kamfanin da ke ba da layi ne, a kashe rauta a kunna, a dawo inda aka tashi.

Duk lokacin da aka ga ƙaramin abu na wucewa amma babba na maƙalewa, kuma akwai tanel a tsakani, abu na farko da ya kamata a tuhuma shi ne MTU.

Bayanai ba sa tafiya a intanet a dunƙule. Ana yayyanka su ne zuwa fakiti-fakiti, kowanne da rubutun da ke gabansa mai ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, wanda ma'aikatan sadarwa ke kira heda. Kowace hanya kuma tana da iyakar girman fakitin da za ta ɗauka a lokaci guda, kuma wannan iyakar ita ce MTU. A wayar Ethernet, wadda kusan kowane ofishi ke amfani da ita, iyakar bayit 1500 ce, adadin da aka tsayar tun farkon shekarun 1980, har ya zama abin da kusan kowace kwamfuta ke ɗauka cewa haka duniya take. A cikin wannan 1500 ɗin, hedar IP tana cin bayit 20, hedar TCP ta ci 20, saura 1460 na ainihin saƙo.

Tanel kuwa dabara ce ta ɗaukar fakiti sukutum, da hedarsa da komai, a saka shi cikin wani sabon fakiti mai tasa hedar, a aika ta intanet, can ɗaya gefen a kwance a fitar da na cikin. Haka VPN ke aiki. Kamar a ce motar kaya ce da aka loda daidai tsayin da zai wuce ƙarƙashin gada, sannan aka ɗora motar a kan tirela. Kayan bai ƙaru ba, gadar ma ba ta sauko ba, amma tsayin tirelar ya shiga lissafi, kuma yanzu ba za a wuce ba sai an rage lodi.

Nawa ne tsayin da ke ƙaruwa ya danganta da irin tanel ɗin. GRE yana ƙara bayit 24, shi ya sa aka saba ganin 1476 a kansa. WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta kuma ya shiga cikin zuciyar Linux a 2020, yana ƙara bayit 60 idan fakitin waje na tafiya ta IPv4: 20 na IP, 8 na UDP, 32 nasa na kansa. Idan ta IPv6 ne ƙarin ya zama 80, domin hedar IPv6 bayit 40 ce. Daga nan aka samo 1420 da ake gani a saitinsa na asali, wato 1500 a cire 80. Shi kuwa IPsec ƙarinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya danganta da salon sirrantawar da aka zaɓa. Sai a lura cewa duk waɗannan adadin an gina su ne a kan zaton hanyar da ke ƙasa tana ɗaukar 1500 cif. Sau da yawa ba ta ɗauka. Layin da ake shiga ta PPPoE ya riga ya ba da bayit 8, ya rage 1492. Kamfanin da ke sayar da layin ma yana iya samun nasa tanel ɗin a cikin hanyarsa wanda mai saye bai taɓa jin labarinsa ba.

Yadda aka tsara abin ya gyara kansa

Waɗanda suka tsara intanet sun san za a yi ta cin karo da hanyoyi masu iyaka daban-daban. A ƙa'idar IP ta 1981, idan fakiti ya iso rautar da hanyar gabanta ta fi shi ƙanƙanta, rautar za ta tsaga shi gida biyu ko fiye, mai karɓa ya harhaɗa a can ƙarshe. Ba a daɗe ba aka gane wannan yana da tsada. A 1987 Christopher Kent da Jeffrey Mogul suka fitar da wata maƙala da ta nuna illarsa: yana gajiyar da rautoci, kuma idan gutsure ɗaya ya ɓata, fakitin gaba ɗaya ya tashi a banza, sai an sake aiko da shi dukansa.

Maganin da aka kawo a 1990, a takardar ƙa'ida mai lamba RFC 1191 wadda Mogul da Steve Deering suka rubuta, shi ne a bar mai aikawa ya gano iyakar hanyar da kansa. Kwamfuta za ta ɗaga wata 'yar alama a hedar fakiti mai suna DF, ma'anarta kada a tsaga. Idan fakitin ya fi ƙarfin wata hanya, rautar da ke bakin hanyar za ta yar da shi, sannan ta mayar wa mai aikawa da ɗan gajeren saƙo na ICMP, nau'i na 3 lamba ta 4, tana cewa fakitin ya yi girma, ga iyakar da zan iya ɗauka. Mai aikawa ya rage girma, ya sake aikawa, aiki ya ci gaba. A yau kusan duk hirar TCP da wannan alamar take tafiya. A IPv6 ma an soke tsagawa a rauta kwata-kwata, rauta ba ta da zaɓi sai yarwa da sanarwa.

Ashe ke nan yar da fakiti ba laifi ba ne, yana cikin tsari. Duk nauyin tsarin ya rataya ne a kan wannan ɗan saƙon da ke komawa baya. Idan ya isa, mai amfani ba zai ma san an yi wani abu ba. Idan bai isa ba, mai aikawa ba shi da yadda zai bambance fakitin da ya yi girma da wanda cunkoso ya cinye. TCP kuwa abu ɗaya ya sani game da fakitin da ba a amsa ba: ya jira, ya sake aiko da shi, da girmansa na ɗazu. A sake yar da shi. Ya ninka lokacin jira, ya sake. Haka za a yi ta yi har ɗayan ɓangarorin ya gaji. Masana sun sa wa wannan hali suna baƙin rami, kuma tun a shekarar 2000 aka yi masa cikakken bayani a RFC 2923.

Me ke hana saƙon isa? Mafi yawanci katangar tsaro ce. Akwai masu kula da na'urori da yawa da suka taso da koyarwar cewa ICMP kayan 'yan kutse ne, a toshe shi duka a huta. Sun toshe ping, sun haɗa da saƙon da TCP ke dogaro da shi. A ganina wannan na cikin saitukan da suka fi jawo wahala ba tare da sun ƙara wani tsaron a-zo-a-gani ba. Wanda ke son hana ping yana iya hana shi shi kaɗai, ya bar nau'i na 3 lamba ta 4 ya wuce.

Abin da tanel ya ƙara a kan matsalar

Ko da babu wanda ya toshe komai, tanel yana da nasa rikicin, domin yanzu fakiti biyu ne, na ciki da na waje, kuma kowanne yana iya maƙalewa a wurinsa.

Na cikin yana maƙalewa ne a bakin tanel. Kwamfutar ofishi ta aiko da 1500, tanel ɗin yana ɗaukar 1420, rauta ta yar ta aika sanarwa. Wannan shi ne mai sauƙin, muddin sanarwar na isa.

Na wajen ne mai wuya. A ce fakitin ciki ya shige bakin tanel lafiya, an naɗe shi, ya kama hanya, can tsakiya ya tarar da hanyar da ta fi shi ƙanƙanta. Rautar da ke can ba ta ganin na ciki, an sirranta shi. Adireshin da take gani shi ne na rautar da ta yi naɗin, don haka idan za ta yi ƙorafi, ita za ta yi wa. Kwamfutar da ta aiko da saƙon tun asali ba ta jin komai, sai fa idan manhajar tanel ɗin ta san yadda za ta karɓi ƙorafin, ta rage tata iyakar, ta kuma sanar da na baya. Wasu suna yi, wasu ba sa yi.

WireGuard a Linux ya bi wata hanyar: ba ya ɗaga alamar DF a fakitin waje na IPv4, yana barin a tsaga shi idan ta kama. Mutum zai ce to ai an huta. Sai dai gutsattsari ba su da farin jini a intanet na yau. Gutsuren farko ne kaɗai ke ɗauke da hedar UDP, inda lambar tasha take. Na biyu adireshi kawai gare shi. Katangar tsaro da na'urorin da ke raba adireshi ɗaya ga mutane da yawa da lambar tasha suke gane fakitin wane ne, kuma wadda ba ta iya harhaɗa gutsattsari ba, ko aka saita ta kada ta yi, sai ta yar da na biyun. Na farkon ya isa shi kaɗai, ya zauna jiran ɗan'uwansa na wasu daƙiƙoƙi, a share shi. A wannan yanayin babu ko na'ura ɗaya da ke da dalilin sanar da mai aikawa cewa girma ne matsalar.

Yanzu an ga dalilin da ya sa alamomin suke da ban mamaki. Gaisuwar da TCP ke buɗe hira da ita fakiti uku ne ƙanana, ba su kai bayit ɗari-ɗari ba. Ping na yau da kullum a Linux bayit 84 ne. Duk waɗannan suna wucewa. Amma da sabar ta fara aiko da takardar shaidarta ta HTTPS, wadda kan kai dubban bayit, sai ta cika fakiti har baki, a nan ake tsayawa. Mai shiga wata na'ura ta SSH zai ga gajerun umarni na aiki, amma da ya nemi jerin fayiloli mai tsawo sai allon ya daskare.

A bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe

A ɗauka akwai babban ofishi mai adireshin waje 203.0.113.10, da reshe da ke haɗe da shi ta WireGuard a kan IPv4. Rautocin biyu Linux ne, tanel ɗin sunansa wg0, an bar shi a 1420 na asali, adireshin babban ofishi a cikin tanel 10.8.0.1. Ma'aikatan reshe suna shiga manhajar lissafi, amma rahoto ba ya saukowa.

Gwajin farko na tabbatar da zargi ne. Daga rautar reshe a aika ƙaramin ping ta cikin tanel, sannan a aika wanda ya cika shi:

```
ping -c 3 10.8.0.1
ping -c 3 -M do -s 1392 10.8.0.1
```

Wannan `-M do` yana nufin a ɗaga alamar DF, `-s` kuma girman kayan da ping zai ɗauka. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: adadin da ake rubutawa ba shi ne girman fakitin ba. Ana ƙara masa bayit 28, wato 20 na IP da 8 na ICMP. Don haka 1392 yana nufin fakiti mai 1420, kamar yadda 1472 ke nufin 1500. A misalinmu na farkon ya amsa, na biyun shiru. Tanel ɗin ya karɓi fakitin bai yi ƙorafi ba, amma bai kai shi ba. Matsalar tana waje ke nan.

Sai a koma a auna hanyar da ke ƙasa, a bar tanel ɗin gefe, a nufi adireshin waje kai tsaye:

```
ping -c 3 -M do -s 1472 203.0.113.10
```

A Windows umarnin shi ne `ping -f -l 1472 203.0.113.10`, a macOS kuma `ping -D -s 1472 203.0.113.10`. Amsa iri uku ake samu, kuma kowacce da abin da take faɗa. Idan ya amsa, hanyar na ɗaukar 1500. Idan wata rauta ta dawo da saƙo irin `Frag needed and DF set (mtu = 1492)`, an yi sa'a, ta faɗi adadin da bakinta. Idan kuwa shiru ne, alhali ƙaramin ping na amsawa, to baƙin ramin ne, sai an lalubo adadin da hannu.

Laluben ba wuya, ana raba tazara biyu ne kowane karo. An san 1472 ba ya wucewa. A gwada 1300, ya wuce. A gwada 1400, shiru. A gwada 1350, ya wuce. 1375, shiru. A matso: 1372 ya wuce, 1373 shiru. Mafi girman da ya wuce shi ne 1372, a ƙara 28, an samu 1400. Wannan ita ce iyakar hanyar. A riƙa aika uku ko fiye a kowane gwaji, domin fakiti ɗaya yana iya ɓata saboda wani dalili na daban ya ruɗar da lissafi. Akwai kuma umarnin `tracepath` a Linux da ke nuna a wace rauta iyakar ta sauka, amma shi ma da waccan sanarwar yake aiki, inda aka toshe ta ba zai ce komai ba.

Yanzu a duba abin da ke faruwa da rahoton. Fakitin ciki 1420, an ƙara 60, ya zama 1480. Ya iso hanyar 1400, an tsaga shi: na farko bayit 1396, na biyu 104. Wata na'ura a gaba ta yar da ɗan ƙaramin, babban ya zama mara amfani. Bayit 80 kacal ne suka yi yawa, amma sun isa su tsayar da aikin reshe guda.

Adadin da ya dace kuwa ragi ne kawai: iyakar hanya a cire ƙarin tanel, 1400 a cire 60, saura 1340. Ana iya gwada shi nan take:

```
ip link set dev wg0 mtu 1340
```

Don ya zauna bayan an kashe an kunna, a rubuta `MTU = 1340` a ƙarƙashin `[Interface]` a fayil ɗin saitin. Bayan an sa wannan adadin a rautocin biyu, a tabbatar: ping mai 1312 ta cikin tanel ya kamata ya amsa, mai 1313 kuma na'urar ta ƙi shi tun a gida da saƙon `message too long, mtu=1340`. Wannan ƙin shi ake nema. An mayar da ɓatan da ba a sanarwa zuwa ƙin da ake sanarwa.

Wani zai tambaya me ya sa ba a yi laluben ta cikin tanel ɗin tun farko ba. Ana iya yi, kuma dole a yi hakan idan ɗaya gefen ba ya amsa ping daga waje. Sai dai WireGuard yana cike fakitin ciki har girmansa ya rabu da 16 ba saura, in dai bai haura iyakar da aka sa masa ba. Tun yana kan 1420, fakiti mai 1340 za a cike shi ya zama 1344, ya haura da huɗu, ya ɓata. Mai lalube daga ciki zai tsaya ne a 1328. Adadin zai yi aiki, illa dai ya ɗan gaza na gaskiyar.

Gefe biyu, ba ɗaya ba

A nan ne aka fi yin rabin gyara. An rage a reshe, an manta da babban ofishi. A WireGuard adadin MTU yana iyakance abin da na'ura ke aikawa ne, ba ruwansa da abin da take karɓa, kuma ɓangarorin biyu ba sa shawara a kai. Idan reshe na kan 1340 babban ofishi na kan 1420, duk abin da reshe ya tura zai isa, amma manyan fakitin da ke dawowa suna nan suna faɗawa ramin. Alamar wannan ita ce ɗora fayil na aiki, saukewa ba ya yi, ko akasin haka. A misalinmu ma rahoton daga babban ofishi yake zuwa, don haka gyaran can ne ya fi muhimmanci.

Aunawar ma a yi ta daga gefe biyun. Amsar ping ba lallai ta zo da alamar DF ba, ana iya tsaga ta a hanyar dawowa a harhaɗa ba wanda ya sani, kuma hanyar tafiya da ta dawowa ba koyaushe suke zama ɗaya ba. Idan adadin biyu sun bambanta, a ɗauki ƙaramin a sa wa duka. Babban ofishin da ke da rassa da yawa a kan wg0 ɗaya yana da adadi ɗaya ne ga kowa, don haka reshe mafi ƙuncin hanya shi zai yanke wa sauran, sai fa idan an ware masa nasa tanel ɗin.

Saura mataki ɗaya. Kwamfutocin ofisoshin biyu har yanzu suna ganin 1500 a wayarsu, ba su san da tanel ba. Lokacin buɗe hira kowacce tana faɗa wa ɗaya mafi girman saƙon da za ta karɓa a fakiti guda, abin da ake kira MSS, kuma duka biyun za su ce 1460. Za su aiko da cikakken fakiti, rauta ta yar ta aika sanarwa, kuma idan katangar tsaron sabar tana toshe ICMP, an koma gidan jiya. Dabarar da aka saba ita ce rauta ta sa hannu a cikin gaisuwar, ta goge 1460 ta rubuta adadin da zai shiga, 1340 a cire 40, wato 1300:

```
iptables -t mangle -A FORWARD -o wg0 -p tcp \
  --tcp-flags SYN,RST SYN -j TCPMSS --set-mss 1300
```

A sa shi a rautocin biyu. Daga nan kwamfutocin ba za su ma ƙera fakitin da ya yi girma ba, balle a buƙaci sanarwa. Idan abin da ke tafiya a ciki IPv6 ne, 60 ake cirewa maimakon 40. Dabarar ba ta da tsabta, domin rauta na taɓa abin da ba nata ba, amma tana aiki, kuma yawancin rautocin ofis suna da ita a saitinsu. Iyakarta ita ce TCP kaɗai take wa magani, kuma sababbin hirarraki kawai, wadda aka riga aka buɗe sai an rufe an sake. Abin da ke tafiya ta UDP ba shi da MSS da za a gyara, shi ya sa wannan dabarar ba ta ɗauke wa mutum nauyin sa MTU daidai da barin ICMP ya wuce.

Wanda ke son gani da idonsa yana iya sauraron layin da `tcpdump`. Baƙin rami yana da kamanni da ba a ɓata shi: gaisuwa ta kammala, sannan fakiti ɗaya mai girma yana ta maimaituwa daga gefen mai aikawa, tazarar da ke tsakani tana ninkawa, a ɗaya gefen kuma ba a ga ko ɗaya ba. A tuna kuma cewa Linux yana riƙe iyakar da ya koya game da wata hanya na minti goma, don haka gwajin da aka yi nan da nan bayan canji yana iya nuna tsohon hali. Umarnin `ip route flush cache` yana share wannan.

A sa daidai, ko a bar sarari?

Akwai masu son matse adadin har bayit na ƙarshe. Lissafi bai goyi bayansu sosai ba. A kan 1340, kowane fakiti na ɗauke da bayit 1300 na saƙo a cikin 1400 da ke bin waya, kusan kashi 93 cikin ɗari. A kan 1280, 1240 ne a cikin 1340, kashi 92 da rabi. Bambancin bai kai kashi ɗaya ba, ba wanda zai ji shi a jikinsa. Haurawa da bayit ɗaya kuwa tana iya tsayar da komai. Ga ofishin da layinsa ɗaya ne tsayayye, a sa abin da aka auna. Ga kwamfutar tafi-da-gidanka ko wayar hannu da yau tana kan layin gida, gobe tana otal, jibi tana kan datar waya, na fi son a sa 1280 a huta, tunda ba za a bi ta ana aunawa ba. Haka ma reshen da ke da layin ko-ta-kwana: a auna layukan biyu, a ɗauki ƙaramin, in ba haka ba matsalar za ta ɓuya har ranar da babban layin ya faɗi.

Amma ragewar ma tana da ƙasa. IPv6 ba ya yarda da hanyar da ta gaza 1280, kuma Linux yana kashe shi a kan duk tanel ɗin da aka sa wa ƙasa da haka. QUIC, wanda manyan shafuka da yawa ke amfani da shi yanzu a kan UDP, yana buƙatar hanyar da za ta ɗauki saƙo mai bayit 1200 ban da hedar IP da UDP, idan bai samu ba manhajar lilo sai ta koma TCP. Saboda haka idan awo ya nuna hanyar da ke ƙasa ta gaza 1340, wato WireGuard a kan IPv4 ba zai samu 1280 ɗinsa ba, ragewa ta daina zama magani ga mai buƙatar IPv6 a ciki. A nan sai a duba ko akwai tanel a cikin tanel da za a iya cire ɗaya, ko kuma a ɗauki sakamakon ping ɗin, da adadin da ya wuce da wanda bai wuce ba, a kai wa kamfanin da ke ba da layin.